Kowa na jin Hausa a Aboabo, amma ba wanda ya san gidanmu

Ni tela ne, mai aikin wuyan riga a keke. A wani gari na ƙasar Katsina aka haife ni, a Fagge ta Kano na koyi sana'a, yanzu kuma a Kumasi nake zaune. Abin da ya sa nake ba da labarina shi ne, duk wanda ya ji an ce wane ya tafi Gana ya sauka a zango, sai ya ce ai gida ya koma gida: Hausa ake yi, ga masallaci a kowane lungu, ga koko da ƙosai da safe. Ni ma da wannan tunanin na zo a farkon 2019. Da Turai na tafi, da kowa ya san akwai kewa a gabana, ni ma da na shirya mata. Da yake zango na sauka, ba wanda ya yi zaton wani abu zai dame ni, shi ya sa abin ya daɗe yana cina ban ma san sunansa ba.

Wani Alhaji mai shagon ɗinki a Aboabo, wata unguwar zango a Kumasi, shi ne ya aika Kano a samo masa mai aikin wuya, domin mutanen zango suna son ɗinkin Najeriya, musamman kaftani da babbar riga ta shadda idan salla ta matso. Na bar matata da ciki, na bar mahaifiyata da kawuna wanda shi ya riƙe ni tun rasuwar babanmu. Na bi ta Legas, Kwatano, Lome, na shiga ta Aflawo, daga Ankara na hau motar Kumasi. Yarjejeniyarmu mai sauƙi ce: ana biyana a kan kowace riga da na gama, kwana kuma a cikin shago har na tara kuɗin ɗaki.

Maigidan bai cuce ni ba, ina so a san wannan tun da wuri. Abin da ya yi alkawari ya cika. Yaran shagon ma ba su wulaƙanta ni ba. Sai dai su 'yan gari ne. Kakanninsu ne suka zo, wasu tun zamanin fataucin goro, wasu Mosawa ne, wasu Dagomba, wasu Kotokoli, wasu Zabarmawa, Hausa ce ta haɗa su. Hausarsu ba irin tamu ba ce. Ba su bambanta mace da namiji a magana, kuma ana cikin zance sai su zarce Tuwi, harshen Asante, su yi dariya, su dawo. A daidai wurin dariyar nan ake barina a baya. Idan na yi magana sai su ce Hausata ta yi nauyi, ta rediyo ce. Ni kuma idan na yi irin barkwancin da zai sa a faɗi ƙasa don dariya a Fagge, sai a yi shiru a dube ni, don ba su san wanda nake kwaikwayo ba, ba su san wasan da ke tsakanin Katsinawa da Gobirawa ba, ballantana su rama. Mutum bai san yawan hirarsa da ke jingine da sanin juna ba sai ya je inda ba a san kakansa ba. A gida idan na faɗi sunan unguwarmu, za a ce ai kai jikan wane ne. A Aboabo sunana ɗaya: ɗan Najeriya.

Wannan sunan kuwa ya yi nauyi a shekarar. A watan Yuni na 2019 aka sace wasu 'yan mata biyu 'yan Kanada a Kumasi, kuma cikin waɗanda aka kama akwai 'yan Najeriya. A watan nan dai aka rufe shagunan 'yan Najeriya masu sayar da kayan mota a Suwame, bisa dokar ƙasar ta 2013 da ta keɓe wa 'yan ƙasa ƙananan saye da sayarwa a kasuwa. Ni ba ɗan tireda ba ne, ba wanda ya taɓa ni, amma na koyi yin shiru a cikin tiroto, wato motar haya, don kada a gane harshena. Idan kwandasta ya yi mini magana da Tuwi sai in miƙa kuɗi kawai, ko canjina bai cika ba ba na tambaya. Wani dattijo a masallacinmu ya taɓa ba mu labarin 1969, lokacin da gwamnatin Busiya ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, yadda mutanen da aka haifa a nan suka sayar da gidaje a wulaƙance. Ya ƙara da cewa mu ma mun rama a 1983 zamanin Shagari. Shi tarihi yake bayarwa yana dariya. Ni kuwa da na san kwana 90 ɗin da yarjejeniyar ECOWAS ta ba ni sun wuce, kuma ban da takardar zama, ban yi barci ba a daren.

Da na tara kuɗi na kama ɗaki a wani gidan haya a Asawase. Nan ma wani darasi ne: ba a biyan wata-wata, sai ka zube kuɗin shekara biyu gaba ɗaya. Sidi 80 ne a wata, na ƙirga sidi 1,920 na miƙa, abin da na tara duka. Samun ɗakin ya yi mini daɗi, amma shi ya ƙarasa raba ni da mutane. A shago ko ba komai akwai motsin wani. A ɗaki daga ni sai waya.

Wayar nan ita ce babbar matsalar, kuma ita nake so masu 'yan'uwa a waje su fahimta. Kowane dare ina kiran gida. Agogon Gana yana bayan na Najeriya da awa ɗaya, saboda haka kafin in tashi daga aiki su har sun fara hamma. Cikin 'yan mintocin da nake samu, ba abin da ke fita bakina sai lafiya lau, alhamdu lillahi, aiki na tafiya. Me zan ce? Mahaifiyata ta sayar da tumakinta biyu aka cika mini kuɗin mota. Matata tana gidanmu da jaririyar da ban taɓa ɗauka ba, a waya na ji sunan da aka raɗa mata. Idan na ce ina cikin damuwa, na ɗora musu nauyin da ba su da yadda za su yi da shi. Su ma ta ɓangarensu ɓoye mini suke yi. Sai bayan an sallamo Inna daga asibiti nake jin ta kwanta. Muka zama muna gaisawa kullum, amma ba wanda ya san halin da ɗayan ke ciki. Sannan duk hoton da na tura sai na sa riga mai kyau na tsaya gaban wani gini a Adum. Wanda ya ga hoton kuwa yana da gaskiya idan ya kira ya ce a taimaka masa da kuɗin makarantar yara. A lokacin sidi ɗaya yana ba da naira 60 da wani abu, to a idon mutanen gida kowane sidi da ke aljihuna ya riga ya ninka. Ba su ga kuɗin ruwa da na wuta da na bayan gida na haya ba, wanda a unguwarmu sai ka biya kake shiga.

Don in riƙa aikawa da abin da ake zato, sai na ƙara awannin aiki, na rage ci. Abincin ma dai bai karɓe ni ba da farko. Dokunu da banku tsaminsu ya yi mini yawa, fufu kuwa an ce haɗiya ake yi ba tauna ba, na kasa. Wake da shinkafarsu, wanda ake dafawa da karan dafi, shi ya riƙe ni, safe da dare. A Fagge mu shida muke sa hannu a kwano ɗaya. A nan kowa ya sayi nasa a leda ya juya baya. Ba rowa ba ce, za a ce maka bisimilla, amma ka san ta baki ce. Na kai ga cin abinci a tsaye don in gama da wuri.

A haka korona ta same mu. A watan Maris na 2020 aka rufe iyakokin Gana, a ƙarshen watan aka kulle Ankara da Kumasi na mako uku. Dama tun Agustan 2019 Najeriya ta rufe nata iyakokin na ƙasa. Kullen gari ya wuce da sauri, amma iyakar ƙasa ta Gana ba a buɗe ta ba sai Maris na 2022. Kafin nan, ko ban je gida ba, na san in na ga dama gobe zan hau mota. Wannan sanin shi ke riƙe baƙo fiye da yadda yake zato. Da aka ɗauke shi sai ɗakina ya ƙara ƙanƙancewa. Akwai masu bi ta barauniyar hanya, amma kuɗin ya ninka, kuma wanda ba shi da takarda in ya fita bai san yadda zai dawo ba. Azumin shekarar masallatai a rufe suke, ba tafsiri, ba asham, ba buɗa-baki a ƙofar masallaci inda ko baƙo yake samun gefen tabarma. Ɗinkin salla ma bai zo ba sosai.

Ba da kuka abin ya fara ba, kuma ban taɓa cewa a raina ina baƙin ciki ba. A jiki ya fito. Sai in kwanta in yi barci, wajen ƙarfe biyu ko uku na dare in farka tangaram, zuciyata na bugawa, ba zan koma ba har kiran asuba. Kaina yana ɗaurewa ta ƙeya. Ƙirjina yana zafi, na ce olsa ce. Jikina kullum a mace, na ce zazzaɓin cizon sauro ne, tunda garin damina biyu yake yi kuma sauro ba ya ƙarewa. Na riƙa zuwa kemis ina sayen maganin zazzaɓi da na olsa da na ƙarin jini. Wandona ya fara zamewa daga ƙugu. Daga baya abin ya shiga aikina, nan ne hankalina ya tashi. Aikin wuya aiki ne na natsuwa: hannun dama yana juya marikin da ke ƙarƙashin keken, ido yana bin zanen da ke kan shadda, in hankali ya tafi na daƙiƙa biyu zare ya bar layi. Shadda kuma ba ta yafiya, in ka farke ɗinki sai ramukan allura su zauna. Ni da nake gama wuya uku a yini na koma ɗaya da ƙyar, na ɓata wa wani mutum shadda mai tsada aka cire a kuɗina. Ga saurin fushi. Yaro ya taɓa almakashina sai in ji kamar in mare shi. Idan wayar gida ta shigo sai in zuba mata ido har ta katse.

Wani abokin aiki ya lura, ya miƙo mini ƙwaya ya ce tana kashe gajiya, mutum ya kwana yana aiki bai ji ba. Tiramol ce. Na ga yadda ta mayar da wasu yara a Kano, shi ya sa na ƙi, amma na gane yadda baƙo yake faɗawa ciki, don a ranar ba abin da nake nema kamar wani abu da zai kashe mini tunani.

Maigida ne ya matsa mini in je asibiti. Ya ce, "Ɗana, kuɗin da kake zubarwa a kemis ya isa a auna jininka." Aka gwada zazzaɓi babu, aka duba jini lafiya, hawan jini ya ɗan ɗaga kaɗan. Ina shirin tashi sai ma'aikaciyar jinyar, wata 'yar zango mai kimanin shekarun yayata, ta ce in zauna. Da Hausa ta yi mini tambayoyin da ba wanda ya yi mini tun zuwana. Ƙarfe nawa kake farkawa? Da wa kake cin abinci? Abin da kake jin daɗinsa da, har yanzu kana jin daɗinsa? In ka kwana biyu ba ka fito ba, wa zai ƙwanƙwasa ƙofarka? Ka taɓa jin gara ma ka mutu? Ta yi tambayar ƙarshen nan kai tsaye ba tare da kunya ba, ni ma na ba ta amsa kai tsaye, na ce ban taɓa tunanin yi wa kaina illa ba, amma na sha kwanciya ina jin in ban farka ba ma ba laifi.

Ta tura ni wurin ma'aikacin da ke kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a nan cikin asibitin. Na so in gudu, don a wurinmu wannan ƙofar ta mahaukata ce. Shi ya bambance mini abu biyu da nake haɗawa. Kewar gida, in ji shi, tana zuwa tana tafiya: ta taso ranar salla ko in an yi biki a gida, amma mutum yana ci, yana barci, yana aikinsa, in an yi abin dariya ya yi. Wannan ba ciwo ba ne, kowane baƙo yana yi. Amma idan ƙuncin ya zauna kusan kullum har ya wuce mako biyu, sha'awar komai ta mutu, barci da ci suka lalace, aiki ya fara gagara, to ya zama ciwon damuwa, kuma yana da magani kamar yadda hawan jini yake da shi. Ya ce da yawa daga cikin baƙin da ke zuwa wurinsa da ciwon kai da ciwon ƙirji suke zuwa, domin namiji ya fi iya cewa ƙirjina na zafi da ya ce ni kaɗai ne. Ya ba ni magani na sha da dare, ya gargaɗe ni cewa ba ya aiki nan take, sai an yi makonni kafin a ga canji, kuma kada in daina don na ji sauƙi sai mun yi shawara. Na tambaye shi batun addu'a da ruƙiyya, ya ce in ci gaba da abina, ba su hana juna. Abu ɗaya ya ƙara: maganin zai dawo mini da barci, amma ba zai samo mini mutane ba.

Barcin ya dawo a hankali. Mutanen kuwa ta hanyar da ban so ba suka zo.

A farkon 2021 kawuna ya rasu. Bayan la'asar aka kira ni, kafin magariba an kai shi. Na tashi daga keke na ce kaina ke ciwo, na tafi ɗaki na rufe. A gida da yanzu an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ina zaune cikin 'yan'uwana, mutane na zuwa ana cewa ya haƙuri, ana faɗin alherin mamaci, wani ya tuna bashin da ya yafe masa, wani ya tuna auren da ya haɗa. Zaman makoki aiki yake yi wa mai rai, ban san haka ba sai da na rasa shi. Mutuwar da ba wanda ya yi maka gaisuwarta kamar ƙaya ce da ta karye a cikin ƙafa, waje ya rufe, ciki na ruruwa. A Asawase ba wanda ya san an yi wani mutum mai suna kawuna, to wa zan gaya wa, ya ce me?

Mai gidan da nake haya tsohuwa ce 'yar Asante, Kirista, mai sayar da dokunu, kowa Maame yake ce mata. Tsakanina da ita gaisuwa ce kawai. Ita ta lura ban fito ɗibar ruwa ba. Ta buga ƙofa ta ce da Hausarta ta zango, "Tela, lafiya?" Na gaya mata. Sai ta rufe ni da faɗa. Ta ce mutum ya mutu a gidanku ka shiga ɗaki ka kulle, mu nan itatuwa ne? Asante ba sa wasa da mutuwa. Duk wanda ya zauna Kumasi ya ga yadda ranar Asabar gari ke cika da masu baƙaƙe da jajayen kaya, an kafa rumfuna ana karɓar gudummawa. Da ina kallon abin a matsayin almubazzaranci, har yau ma akwai abin da ban yarda da shi ba a ciki, amma a ranar na fahimci tushensa: a wurinsu abin kunya ne a bar mutum shi kaɗai da gawa, ko gawar tana wata ƙasa. Ta aiki jikanta wurin maigidana. Maigida ya gaya wa liman. Bayan sallar asuba liman ya sanar cewa baƙonmu tela ya yi rashin uba a Najeriya, a yi masa addu'a.

Maame ta fito da kujerun roba tsakar gida. Mutane suka riƙa zuwa, waɗanda na sani da waɗanda ban sani ba. 'Yan'uwanta suka zo suka bi layi suna miƙa hannu daga dama zuwa hagu yadda suke yi. Dattijon nan mai labarin 1969 ya zauna kusa da ni ya ce, "Ɗana, ba ni labarinsa. Wace sana'a yake yi?" Na buɗe baki na fara ba da labarin kawuna, yadda yake sayar da fata, yadda ya kai ni Kano ya damƙa ni a hannun mai koya mini ɗinki. A nan na yi kukan da ban yi ba tun zuwana. Cikin masu gaisuwar har da wasu mutum uku 'yan ƙasar Katsina da Maraɗi masu sayar da tsire da agogo, muna unguwa ɗaya ban san da su ba, kowa na fama da nasa a ɓoye.

Abin da na gane daga baya shi ne, a zango ba a shiga da harshe, da bashi ake shiga, bashin zumunci. Duk wanda ya zo mini gaisuwa ya ɗora mini nauyin in je tasa. Na fara zuwa suna da ɗaurin aure da jana'iza, ko ban san mai abin ba sosai, in ba da ɗan abin da ya sawwaƙa. Yana cin lokaci, yana cin kuɗi, wani wata abin da zan aika gida ya ragu. Na shiga adashin telolin layinmu, wanda a nan susu suke ce masa, sidi 20 kowace Juma'a. Ba kuɗin ne ya fi amfanata ba. In Juma'a ta yi ban kai zubi ba, kafin magariba wani zai zo nemana, wato an sami amsar tambayar da ma'aikaciyar jinyar nan ta yi mini. Na roƙi jikan Maame ya riƙa koya mini Tuwi ina ɗinke masa kayan makaranta. Har yau Tuwina abin dariya ne, amma ina ciniki a kasuwar Kejetiya, ina karɓar canjina a mota, kuma in yaran shago suka juya harshe ina kama rabin abin da ake yi wa dariya. Ni da mutum ukun nan 'yan Katsina da Maraɗi kuma muka sa ranar Lahadi da dare muna haɗa kuɗi a tuƙa tuwo da miyar kuka, mu ci a kwano ɗaya.

Na kuma canza yadda nake waya da gida. Na gaya wa matata gaskiyar abin da nake samu da abin da nake kashewa, har kuɗin ɗaki da na magani. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ni na ɗauka aure ka yi a can shi ya sa ba ka ɗaukar waya." Ashe ita ma da abin da ke hana ta barci. Muka yanke adadin da zan riƙa aikawa duk wata, wanda ya zo da wata buƙata bayan wannan ita ke ba shi haƙuri. Wasu dangi sun ji haushi, akwai wanda har yau gaisuwarmu sama-sama ce.

Kada a ɗauka kowa haka yake warwarewa. A 2022 aka kawo wani yaro daga ƙasar Zazzau shagon da ke kusa da namu, bai fi shekara 20 ba. Shekarar ce sidi ya faɗi warwas, kaya suka yi tsada har hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin 100 a watan Disamba, abin da yaron ke aikawa gida ya zama ba ya sayen abin da aka sa rai. Na ga alamun tun kafin ya yi magana: ya daina zama cin abinci da kowa, kullum yana kemis, idanunsa sun faɗa, aikinsa ya fara karkacewa. Na ja shi cikin tuwonmu na Lahadi, ya zo ya daina. Na raka shi asibiti, ya karɓi magani ya ajiye, ashe ya riga ya fara shan ƙwaya. Da ya fara cewa ana binsa, ana maganarsa a masallaci, ya kwana uku bai runtsa ba, muka san wannan ya wuce abin da hira da tuwo za su gyara. Muka mayar da shi wurin likita, da ya ɗan natsu muka haɗa kuɗin mota, ɗaya daga cikinmu ya raka shi har hannun mahaifinsa da takardar asibiti. Wasu suka ce ya yi asara ya koma hannu wofi. Uban ya kira mu yana godiya. Yanzu duk sabon yaron da aka kawo layinmu, tambayar farko da nake yi masa bayan gaisuwa ita ce yadda yake barci, kuma nakan tambayi sunan garinsu da na mahaifinsa in riƙe.

Da aka buɗe iyaka na je gida na ga 'yata, tana gudu tana magana, ta ɓuya a bayan uwarta don ba ta san ni ba. A can ma na tarar da wani baƙuncin. Abokaina suna zancen abubuwan da suka faru ba na nan, suna ce mini ɗan Gana, har Inna ta ce Hausata ta fara lalacewa. Na yi wata guda na dawo.

Maganin na daina shi da shawarar likita. Takardun zama har yanzu ina kan bi, katin shaidar baƙi kaɗai dala 120 ne karon farko, kuma duk shekara sai an sabunta. Maganar da ke gabanmu yanzu ita ce ko matata za ta biyo ni. Ita tana so. Ni ina tunanin yadda zan fita tun safe in bar ta a ɗaki ɗaya a Asawase, ba uwa ba 'yar'uwa, ba ta jin Tuwi, ba ta da shagon da za ta je ko ba komai ta ji motsin mutane. Na yi shawara da matar maigida, ta ce in kawo ta bayan babbar salla, za ta sa ta a islamiyyar matan unguwa da adashinsu tun makon farko, kuma akwai wata Bakatsiniya a Sawaba mai yin fura da ke neman mai taya ta. Ina tara kuɗin ɗaki mai falo, na kusa rabi.